Yadda ƙaramin kamfani zai gano abin da talla ke jawo masa daga lissafin mako-mako

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna da ƙaramin kamfanin yogot a cikin garin Katsina, muna kai kaya Daura, Dutsin-Ma da Funtuwa. Muna talla a rediyo da Fesbuk. Wani ya ce mana akwai lissafin da ake kira MMM, wanda ke nuna wace talla ce ke kawo ciniki. Abin da muke da shi kawai shi ne jimillar kuɗin talla da jimillar ciniki na kowane mako, na shekara biyu. Shin wannan ya isa, kuma ta ina za mu fara?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ya isa a fara, domin da ma irin wannan lissafi da jimillar mako-mako ake yin sa, ba ya buƙatar sunan mai saye ko lambar wayarsa. Sai dai amsar da zai ba ku tana rataye ne a kan abu guda, wato ko kuɗin tallarku ya riƙa hawa da sauka a lokutan da ba su dace da hawa da saukar kasuwa ba. Idan duk lokacin da kuka ƙara talla lokaci ne da ciniki zai tashi ko babu talla, to babu manhajar da za ta iya raba muku su, komai tsadarta.

Abin da lissafin yake yi shi ne ya ɗauki cinikin kowane mako ya kasa shi gida-gida. Akwai cinikin da zai zo ko ba ku yi talla ba, saboda dillalanku da masu shaguna da suka saba da kayanku. Akwai ƙarin da zafin rana ko azumi ko Salla ke kawowa, akwai ragin da sanyi ko ƙarin farashi ke jawowa, sannan akwai kason rediyo da na Fesbuk. Hanyar da yake bi ita ce kwatanta makonni da juna, ya duba makonnin da suka yi kama a komai in ban da yawan talla, ya ga da nawa cinikinsu ya bambanta. Saboda haka shekara biyunku, a idon wannan lissafi, layi 104 ne kawai, kuma daga cikinsu waɗanda ke koya masa wani abu game da rediyo su ne waɗanda kuɗin rediyo ya canza a cikinsu.

Kafin a taɓa kowace dabara, sai an gyara lambobin, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake. Abu na farko, ku fitar da naira daga ɓangaren ciniki, ku koma ƙidayar katon. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 farashin kaya ya yi ta hawa, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar 2024. A irin wannan yanayi kuɗin ciniki yana hawa, kuɗin talla ma yana hawa, duka saboda faɗuwar darajar naira, lissafin kuma zai ɗauka cewa tallar ce ta ɗaga cinikin. Idan jimillar naira kaɗai kuka rubuta, ku nemo farashin katon na kowane lokaci daga tsofaffin rasit, ku raba jimillar makon da shi. Haka ma kuɗin talla: idan tashar rediyo ta ƙara farashin sanarwa a tsakiyar shekara, naira dubu ɗari ta bara ta fi ta bana sayen lokaci, don haka ku mai da duk kuɗin zuwa farashin yau, ta hanyar ƙidaya sanarwar da aka saka a makon ku ninka da farashinta na yanzu. A Fesbuk, shafin Ads Manager yana nuna yawan lokutan da aka ga tallar a ƙarƙashin Impressions, kuma wannan ya fi naira aminci.

Abu na biyu shi ne kwanan wata. Kamfanoni da yawa suna rubuta kuɗin rediyo a makon da suka biya, alhali tallar ta wata guda ce. Idan kun biya naira dubu 400 a farkon wata don sanarwar mako huɗu, to a rubuce dubu ɗari ce a kowane mako, domin abin da ke motsa mai saye shi ne ranar da ya ji tallar. Na uku kuwa, ku zauna da manajan ma'aikata ku yi wa makonnin da kaya suka yanke alama, ko don injin ya lalace, ko madara ba ta iso ba, ko wuta da dizil sun gagara. Cinikin irin wannan mako yana nuna abin da kuka iya sarrafawa ne, ba abin da mutane suka nema ba, kuma gara a cire shi daga lissafin bayan an gama lissafa ragowar tallar da zan yi bayani a gaba. Haka nan makon da kuka samu sabon babban dila ko kuka shiga sabon gari, a rubuta shi, domin ciniki zai yi tsalle ya zauna a sama ba tare da hannun talla ba.

Yanzu bari in kawo misali da lambobin da na tsara don bayani kawai, ku kuma ku sa naku a madadinsu. A ce a makonnin da ba na azumi ba kuna sayar da katon 900, kuna kashe naira dubu ɗari a rediyo. Da azumi ya kama sai kuka ɗaga kuɗin rediyo zuwa dubu 300, ciniki kuma ya kai katon 1,400. Wanda ya kalli waɗannan lambobi biyu zai ce ƙarin dubu 200 ya kawo ƙarin katon 500, wato katon biyu da rabi a kan kowace naira dubu, ya kuma ba ku shawarar ku zuba kuɗi a rediyo. Amma kun fi kowa sanin cewa ana neman yogot wajen buɗa-baki da sahur ko an yi talla ko ba a yi ba. Idan ainihin ƙarfin rediyon katon 0.8 ne a kan kowace naira dubu, to ƙarin tallar ya kawo katon 160 ne kacal, sauran 340 na azumi ne. An ninka darajar rediyon fiye da sau uku ke nan, kuma duk wanda ya kashe dubu 300 a tsakiyar damina da wannan zato zai yi asara.

Maganin wannan shi ne a buɗe wa azumi shafinsa a cikin takardar lissafin, a rubuta 1 a makon da azumi ya cika shi, 0 a makon da babu, sannan idan kwana uku ne kawai na makon suka faɗa cikin azumi a rubuta uku bisa bakwai. Dole ku yi wannan da hannunku, domin manhajojin da ke gano yanayin shekara da kansu suna bin kalandar Miladiyya ne, suna zaton abin da ya faru a mako na goma na bara zai maimaita a mako na goma na bana, alhali watannin Musulunci suna ja baya da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2024 an fara azumi a ranar 11 ga Maris aka yi Ƙaramar Salla a 10 ga Afrilu, a 2025 kuma an fara a 1 ga Maris aka yi Salla a 30 ga Maris. Ku lura cewa duka biyun sun faɗo a farkon bazara, lokacin da zafin Katsina ke tashi, ga shi kuma abin sha mai sanyi kuke sayarwa. Abin da zai taimaka a raba azumi da zafi shi ne makonnin Afrilu da Mayu da aka yi zafi babu azumi. Abin da zai taimaka a raba azumi da rediyo kuwa shi ne makonnin da kuka ƙara ko kuka rage rediyo a wajen azumi. In babu irin waɗannan makonni, lissafin zai fitar da lamba dai, amma ba ta da tushe.

Akwai wata sifa ta talla da sai an shigar da ita, wato ba a makon da aka ji ta kawai take aiki ba. Wanda ya ji sanarwarku ranar Laraba yana iya tunawa da ita sai mako mai zuwa, sa'ad da ya tsaya gaban firjin mai shago. Ana kama wannan da abin da zan kira ragowar talla, wanda a manhajoji za ku gan shi da sunan Adstock. Ragowar wannan mako ita ce kuɗin wannan mako haɗe da wani kaso na ragowar makon jiya. Idan kason rabi ne, kuka kashe dubu ɗari sau ɗaya kuka tsaya, ragowar za ta zama 100, sai 50, sai 25, sai 12.5, tana raguwa har ta ƙare, jimillarta kuma 200 ce, ninki biyu na abin da aka kashe. A Excel ko Google Sheets, idan katon yana shafin B, kuɗin rediyo da dubbai yana C, na Fesbuk yana D, to a E2 ku rubuta =C2, sannan daga E3 ku ja wannan zuwa ƙasa:

```
=C3+0.5*E2
```

Ku yi wa Fesbuk irin wannan a shafin F, amma da ƙaramin kaso kamar 0.2, domin tallar waya ta fi saurin gushewa. Shafukan G zuwa L kuma su ɗauki zafi, sanyi, azumi, makon Salla, farashin katon idan an kwatanta da na abokan gasa ko da na sauran kaya, da lambar mako daga 1 zuwa 104 wadda ke kama bunƙasar kamfanin a hankali. Sai ku rubuta:

```
=LINEST(B2:B105,E2:L105,TRUE,TRUE)
```

Layin farko na sakamakon shi ne ƙarfin kowane shafi, layi na biyu kuma girman kuskuren da ke tattare da kowace lamba. Ku kula da cewa LINEST yana jero amsar a juye, na shafin L ne ke zuwa farko, na E yana kusa da ƙarshe, lamba ta ƙarshe kuma ita ce cinikin asali. Saboda wannan, yana da sauƙi mutum ya karanta ƙarfin lambar mako a matsayin na rediyo.

Da gangan na tsaya a shafi takwas. Kowane abu da kuka nemi lissafin ya ƙiyasta yana cin wani kaso na makonninku, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce a samu kamar layi goma a kan kowane abu guda. Shafi takwas, da cinikin asali, da kason ragowa biyu sun kai goma sha ɗaya, kun riga kun cinye abin da layi 104 zai ɗauka. Don haka kada ku raba rediyo tasha-tasha, kada ku raba Fesbuk da Instagiram, kuma tallar da ba ta kai kashi biyar cikin ɗari na kasafinku ba, kamar fosta ko riguna, ku bar ta a waje. Akwai manhajoji na kyauta da aka gina don wannan aiki, Robyn na kamfanin Meta da Meridian na Google, kuma suna iya ƙiyasta inda talla ke fara ƙoshi. Amma suna buƙatar mai iya rubuta harshen kwamfuta na R ko Python, kuma ba sa ƙara wa bayananku ko layi ɗaya. A ra'ayina, kamfani mai hanyar talla biyu ya fara da takardar da mai shi zai iya bin kowane layinta da ido.

Mu koma misalinmu. A ce LINEST ya ba rediyo 0.4, da kuskure 0.15. Ma'anar 0.4 ita ce kowace naira dubu ta ragowa tana kawo katon 0.4 a makon. Tun da kowace dubu da aka kashe tana haifar da ragowar dubu biyu, ainihin abin da take kawowa shi ne katon 0.8. Daga nan sai a ninka da ribar katon bayan an cire madara, sukari, roba, wuta da sufuri, ba da farashin sayarwa ba. Idan ribar naira 1,500 ce, to dubu ɗaya ta dawo da 1,200, wato riba ce amma siririya. Yanzu sai a dubi kuskuren, wanda shi ne abin da masu kawo rahoto suka fi ɓoyewa. Idan aka ƙara kuma aka rage ninki biyu na 0.15, ƙarfin rediyo yana tsakanin 0.1 da 0.7, wato dubu ɗaya tana iya dawo da naira 300 kacal, tana kuma iya dawo da 2,100. Iyakar da ke raba riba da asara tana wajen 0.33, kuma tana tsakiyar wannan tazara. Gaskiyar abin da lissafin ya faɗa ita ce rediyon yana kawo ciniki, amma bayanan ba su kai su tabbatar da cewa yana biyan kuɗinsa ba. Wannan shi ne irin sakamakon da ya kamata ku sa rai da shi daga shekara biyu, kuma duk wanda ya kawo muku lamba ɗaya tilo babu tazara, ku tambaye shi inda ya ajiye layi na biyu.

Akwai alamun da ke nuna cewa lissafin ya karkace. Idan Fesbuk ya fito da lamba ƙasa da sifili, kamar talla tana korar masu saye, galibi dalilin shi ne kuna kunna ta ne sa'ad da ciniki ya faɗi don ku farfaɗo da shi, ko kuma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da rediyo. Ku gwada =CORREL(E2:E105,F2:F105); idan ya haura 0.8, hanyoyin biyu suna hawa da sauka tare, kuma abin da za ku iya sani shi ne ƙarfinsu a haɗe, ba na kowanne ba. Sannan ku canza kason ragowa zuwa 0.3 da 0.7 ku sake lissafi, ku ga ko hukuncin riba ko asara ya juya. Ku kuma ɓoye makonni goma sha biyu na ƙarshe, ku gina lissafin da sauran, ku ga ko zai iya hasashen waɗanda aka ɓoye. A ƙarshe ku zana bambancin da ke tsakanin hasashe da ainihin ciniki mako bayan mako. Idan ya zauna sama na wata biyu sannan ya zauna ƙasa na wata biyu, akwai abin da kuka manta, wataƙila sabon abokin gasa ko dilan da ya janye, kuma a wannan hali kuskuren da LINEST ya nuna ya yi ƙanƙanta fiye da gaskiya. Lambar da ke nuna dacewar lissafin gaba ɗaya tana iya kaiwa 0.9 saboda zafi da azumi kaɗai, ba tare da ta faɗi komai game da talla ba, don haka kada ta burge ku.

Abin da zai rage wannan tazara shi ne ku ƙirƙiri bambancin da lissafin yake nema, da gangan. A ce bayan an cire yanayi da sauransu, cinikinku yana lilo da kamar katon 80 sama ko ƙasa a kowane mako, ba tare da wani dalili da aka sani ba. Idan kuka ɗaga rediyo daga dubu 100 zuwa 120, abin da zai ƙaru katon 16 ne, kuma zai nutse a cikin wannan lilo. Amma idan kuka ɗauki kuɗin nan dai, kuka kashe dubu 200 a mako na tsawon mako huɗu, kuka rufe rediyon gaba ɗaya na mako huɗu, kuka maimaita sau biyu, to a mako goma sha shida ba ku ƙara ko sisi a kasafinku ba. Da ƙarfin 0.4 da ragowar rabi, matsakaicin makonnin talla zai fi na makonnin shiru da kusan katon 90, yayin da kuskuren wannan kwatanci na mako takwas da takwas yake wajen katon 40. Wannan bambanci ne da za a iya gani, kuma waɗannan makonni goma sha shida suna iya koya wa lissafin fiye da shekara guda ta kashe kuɗi iri ɗaya. Na san rufe talla yana da nauyi a zuciyar mai kamfani, amma abin da za a rasa a makonnin shiru ana samun kwatankwacinsa a makonnin da aka ninka.

Sharuɗɗan gwajin su ne a rubuta jadawalin tun kafin a fara, kada a canza shi don ciniki ya yi sanyi, kada a taɓa farashi, kuma a bar Fesbuk yadda yake. Ku zaɓi lokacin da babu azumi babu Salla, kamar watannin da ke bayan Babbar Salla, kuma tun da kuna kai kaya Daura, ku yi wa makon Maulidi da Sallar Gani alama domin garin yana cika da baƙi. Fesbuk kuwa ya fi sauƙin gwaji, domin ana iya iyakance tallar ga gari guda, abin da rediyo ba ya yi tun da muryarsa ba ta tsayawa a iyakar gari. Kuna iya kunna ta a Funtuwa ku kashe a Daura na mako huɗu, sannan ku juya. Wannan yana buƙatar ku fara rubuta ciniki gari-gari daga wannan makon, wanda bai wuce ƙarin shafi huɗu a littafin mai fitar da kaya ba.

Ku kuma riƙe iyakar abin da lambar take nufi. An samo 0.8 ɗin ne a tsakanin sifili da dubu 300 a mako, kuma a cikin wannan tazara kaɗai take aiki. Idan kuka kai dubu 600, yawancin masu jin sanarwar mutanen da suka riga suka ji ta ne sau da yawa, kuma dubu ɗari ta ƙarshe ba za ta kawo abin da ta farko ta kawo ba. Don haka idan gwajin ya nuna riba, ku ƙara kamar kashi ashirin cikin ɗari, ku jira wata uku, ku sake lissafi da sababbin makonnin. Lissafin mako-mako kuma ba ya ganin sunan da talla ke gina wa kamfani a tsawon shekaru, domin wannan yana shigewa cikin cinikin asali ne, saboda haka idan rediyo ya fito yana dawo da kusan abin da aka kashe, ku rage shi ko ku canza saƙon da lokacin saka shi, kada ku rufe shi gaba ɗaya.